Kundin aiki: ɗora muryar na'ura ta Hausa a kan bidiyon ajiyar wake

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Bidiyon da ke hannunmu na minti 11 ne da sakan 40, da Turanci aka yi shi, yana koya wa manoma ajiye wake a buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowane hawa daban, ƙwaron wake yana shaƙe 'yar iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu, ba tare da an sa magani ba. So ake a gama na Hausa kafin a fara roron wake.

Masu magana biyu ne: namiji mai bayani da ba a ganin fuskarsa, da wata malamar gona da ake gani tana nuna yadda ake ɗaurin. Saboda haka murya biyu ta na'ura za mu yi aiki da su, ta namiji da ta mace. Mun yanka maganar gida 94, kowane yanki da lambarsa, da lokacin da ya fara, da lokacin da ya ƙare, da fassararsa, a jadawali guda. Mun bar gurbi biyu babu komai: ɗaya na kuskuren da aka ji, ɗaya na maganin da aka yi masa.

Laraba, 10 ga Satumba

An fitar da duka 94 a karon farko ba tare da gyara komai ba, don a ga inda gizo ke saƙa. Abin da ya fara bayyana ba laifin muryar ba ne, laifin rubutunmu ne. A yanki na 12, "kada ku ajiye buhun a ƙasa" ya fito "a asa". A na 40, "'yan kasuwa" ya fito "yan kasuwa" da y sake, kamar ta "yara".

Dalili: irin wannan murya harafi take karantawa ɗaya bayan ɗaya, kuma tana da jerin haruffan da ta sani. Duk abin da ba ya cikin jerin, tsallake shi take yi shiru, ba ta kawo ƙorafi. Wanda ya buga fassarar ya yi amfani da allon waya iri biyu. A wasu wurare ƙ ɗin gaskiya ce, wato U+0199, a wasu kuma wani harafi ne mai kama da ita daga rubutun wani harshe. Alamar hamza kuwa kala uku muka samu: miƙaƙƙiya U+0027, da lanƙwasasshiya U+2019 wadda manhajar rubutu ke sauyawa da kanta, da U+02BC. Ta farkon kaɗai muryar ta sani. Wannan ɗan gwajin shi ya tona su:

```python
import json
sani = set(json.load(open("vocab.json", encoding="utf-8")))
rubutu = open("rubutu.txt", encoding="utf-8").read().lower()
print(sorted(set(rubutu) - sani))
```

Duk abin da ya fito a allo, muryar ba ta ganinsa. Ban da hamzar da baƙuwar ƙ, mun ga wasu lambobi da alamar % a ciki. An mayar da hamza duka iri ɗaya, an sauya ƴ irin ta rubutun Nijar zuwa 'y tunda da ita aka horar da muryar, an rubuta kowace lamba da kalmomi: "kilo ɗari", ba 100kg ba. Sunan buhun ma an rubuta shi yadda baki ke faɗarsa, "fiks", domin da aka bar shi da haruffan Turanci muryar ta karanta c ɗin irin ta "ciki".

Aikin rabin yini ne, kuma ya share kurakurai 17. Ya kamata a ce da shi aka fara kafin a fitar da ko yanki ɗaya.

Juma'a, 12 ga Satumba

Yanzu da haruffa masu ƙugiya suka zauna, an iso ga ainihin ciwon. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Bahaushe idan yana karatu, ma'anar jimla ce ke gaya masa ko "gari" na zama ne ko na tuwo. Muryar na'ura ba ta san ma'ana ba. Abin da ta fi ji a lokacin horo shi take cankowa, ta ɗan duba haruffan da ke kewaye. Idan kalmar da kake nufi ita ce wadda ba a cika faɗa ba a cikin abin da aka horar da ita, ka shiga uku.

Kalmomin da suka ba mu matsala a wannan bidiyon ba su da yawa, amma sun faɗa a wurare masu nauyi.

Ta farko "ƙwari". Idan aka yi gaɓar farko a ƙasa ta biyu a sama, jam'in ƙwaro ne. Idan duka biyun suna sama, ƙarfi ne da inganci. Yanki na 9 yana cewa "kada ku zuba wake mai ƙwari a cikin buhun", muryar namijin kuma ta ɗaga gaɓoɓin biyu. Abin da kunne ya ji shi ne a guji zuba wake mai kyau. A yanki na 22 sai aka samu akasin haka: "leda mai ƙwari" ta fito da karin ƙwaro. Wato a wuraren biyu ta ɗauki wanda ba shi ba.

Ta biyu "kashi". Na rabo gajeren wasali ne a farko, sama sannan ƙasa. Idan aka ja wasalin farko aka bar duka a sama, an koma maganar bayan gida. "Buhun kashi uku ne" ya fito da dogon wasali, kuma ba sai an faɗi yadda aka yi a ɗakin sauraro ba. Haka "kashi goma sha uku cikin ɗari" na damshin wake.

Ta uku "wata". A "wata shida" ana nufin na kalanda, sama sannan ƙasa da dogon wasali a ƙarshe. Muryar ta karanta shi gajere a sama, irin na "wata mata". Ba mamaki, tunda wannan ya fi yawa a kowane rubutu. Sai "fasa", inda "kada ku fasa ledar" ya fito da dogon wasalin farko, ya zama kamar ana cewa kada a janye daga sayenta.

An gwada hanya uku ta tilasta wa muryar. Sa alamar kari a kan wasali, irin yadda ƙamusun Newman na 2007 ke yi, bai yi komai ba, domin wasali mai alama ba ya cikin jerin haruffanta: ko ta jefar da alamar, ko ta jefar da wasalin gaba ɗaya, "wata" ya koma "wat". Ninka wasali don nuna tsawo, kamar "wataa", yakan yi aiki wani lokaci, wani lokaci kuma sai ta tsoma hamza a tsakani kamar a "sa'a". Ba abin dogaro ba ne, kuma ba shi da amfani idan gajartawa ake so. Hanya ta uku ita ce sake fitar da jimlar sau da yawa da `seed` daban-daban, wato lambar da cankenta ke tashi daga kai, tunda muryar tana da ɗan caca a cikinta kuma ba ta maimaita abu sak. Wannan yana gyara tsawon wasali jefi-jefi. Kari kuwa da wuya ya motsa: "wake mai ƙwari" sau 10 aka fitar, sau 10 ya fito da karin inganci.

Shawarar da aka tsayar: a daina kokawa da muryar, a sauya kalmar. "Wake mai ƙwari" ya koma "waken da ƙwaro ya riga ya ci". "Leda mai ƙwari" ta koma "leda mai kauri". "Kashi uku" ya koma "hawa uku", wanda ma shi ne bakin 'yan kasuwa. "Wata shida" ya koma "watanni shida". "Kada ku fasa" ya koma "kada ku huda". Maganar kashi goma sha uku an cire ta, tunda manomi ba shi da na'urar awon damshi a gida, an bar gwajin da bidiyon ke nunawa na sa ƙwaya a haƙori a ji ko ta bushe ƙayau.

Litinin, 15 ga Satumba

Wannan shi ne babban abin da aka gano zuwa yanzu, kuma ba ya cikin jerin kalmomin da muka zauna muka rubuta tun farko muna jin tsoronsu. Sunaye irin su "gari" da "ƙwari" kowa ya san su, ido yana kama su a takarda. Waɗanda suka fi ɓarna su ne 'yan ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin aikatau: a, ya, ta, ba.

Fassarar farko galibi da "a" aka yi umarninta, kamar yadda aka saba a rubuce: a buɗe, a rufe, a ɗaure, a matse. To "a ɗaure" abu biyu ne. Idan umarni ne, "ɗaure" yana farawa a sama ya sauka. Idan bayanin hali ne, kamar "buhun yana nan a ɗaure", yana farawa a ƙasa ya hau. Rubutu ɗaya, kari kishiyar juna. A yanki na 47 malamar tana riƙe da bakin leda tana cewa "a ɗaure ledar farko", muryar kuma ta yi karin hali, sai jimlar ta zama kamar an fara ba da labarin ledar da ke ɗaure aka yanke a tsakiya. A yanki na 71, "kada a bar buhun a buɗe" ya fito da karin umarni a ƙarshe, mai sauraro ya ji kamar an ce kada a bari, a je a buɗe. Wannan ba abin dariya ba ne, domin buɗe buhun kafin lokaci shi ne ainihin abin da ke dawo wa ƙwaro da iska.

"Ya" ya fi haka rikici. "Sai ya bushe" a rubuce yana iya zama uku. Da dogon "yaa" a sama, sharaɗi ne: ba a zubawa sai bayan bushewa. Da gajere a sama, labari ne na abin da ya wuce. Da gajere a ƙasa, buƙata ce, ana so ya bushe. Muryar namijin kusan kullum gajere a sama take yi, na labari. Akwai dalili. Sanannen tarin sautin Hausa da ke buɗe ga kowa don horar da murya, BibleTTS na 2022, karatun mutum guda ne na Littafi Mai Tsarki, sama da awa 80, kuma irin wannan karatu cike yake da "sai ya ce", "sai ya tafi". Duk muryar da ta tashi a kan karatun labari, da wannan karin za ta saba. Bidiyon koyarwa kuwa umarni ne da sharaɗi daga farko har ƙarshe.

Haka "ba a". A "ba a zuba magani", na hani, duka biyun dogaye ne. A "ba a zuba magani ba", na abin da bai faru ba, gajeru ne a ƙasa. Idan muryar ta yi gajerun a jimlar hani, kunne yana ta jiran "ba" na ƙarshe da ba zai zo ba.

Maganin yana cikin nahawun Hausa kansa. "Ya", "ta", "ka" da "na" su ne ke ɓoye lokuta da yawa a rubutu ɗaya. Jam'i ba ya ɓoyewa: ku, kun, kuka, kowanne da haruffansa. Saboda haka an juya duk umarnin bidiyon zuwa "ku": ku buɗe, ku ɗaure, ku matse. Bayan "ku" babu yadda za a yi aikatau ya ɗauki karin hali, kuma a jimloli 38 da aka sauya, 36 sun fito daidai a fitarwar farko. Ga shi kuma ya fi kama da yadda malamin gona ke yi wa taro magana a gindin bishiya, inda "a" ɗin ke kama da sanarwar da aka liƙa a bango. Wuraren hali an kauce musu: "kada ku bar bakin buhun babu ɗauri". "Ba a zuba magani" ya koma "kada ku zuba magani". "Sai ya bushe" ya koma "ku tabbata waken ya gama bushewa", inda ko muryar ta ɗan gajarta "ya", sauran jimlar na riƙe da ma'anar.

Laraba, 17 ga Satumba

Daidaita lokaci. Hausar ta fi Turancin tsawo a kusan kashi biyu cikin uku na yankunan. Inda mai bayani ke magana a bayan hoto da sauƙi, ana iya ɗan shiga shirun da ke gaba. Inda hannun malamar ke aiki kuwa, dole kalmar "ɗaure" ta faɗo lokacin da igiya ke zagaya leda.

Yanki na 49 ya isa misali. Gurbinsa sakan 6.4. Fassarar tana cewa: "Yana da muhimmanci ƙwarai ku tabbatar kun fitar da dukkan iskar da ke cikin ledar kafin ku murɗe bakinta ku ɗaure shi da igiya." Gaɓa 43 ke nan, muryar macen ta yi ta a sakan 8.1. Kafin ta shiga gurbin sai an ƙara mata sauri da 1.27. An gwada, kuma an ji abin da ya lalace. A wannan muryar gajeren wasali a tsakiyar kalma yana kai wajen milisakan 60 zuwa 70, dogo kuma kusan ninki biyu. Matsewar tana cin kowanne daidai gwargwado, amma gajeren tun asali ba shi da abin bayarwa, sai ya kusa ɓacewa, dogon kuma ya sauko inda kunne ya saba jin gajere. Baƙaƙe masu ninki ma sun sassauta: "tabbatar" ya doshi "tabatar", "dukkan" ya doshi "dukan".

Sai aka sake jimlar: "Ku matse ledar sosai iska ta fita duka, sannan ku murɗe bakin, ku lanƙwasa shi, ku ɗaure da igiya tamau." Gaɓa 35, sakan 6.8, har da lanƙwasa bakin da hoton ke nunawa amma fassarar farko ta manta. Abin da ya tafi shi ne "yana da muhimmanci ƙwarai", wanda dama jan Turanci ne. Saurin da ake buƙata yanzu 1.06:

```
ffmpeg -i y049.wav -filter:a "atempo=1.06" y049b.wav
```

`atempo` yana sauya sauri ba tare da ya ɗaga murya ba, shi ya sa ake amfani da shi. Iyakar da muka sa wa kanmu 1.08. Duk yankin da ya nemi fiye da haka, komawa ake yi kan rubutu. "Ta fita" a wannan jimlar yana buƙatar "ta" a ƙasa, kuma sai a fitarwa ta huɗu aka same shi.

Juma'a, 19 ga Satumba

Rausayar jimla. Abu biyu.

A magana ta bayani, muryar Bahaushe gangarowa take yi a hankali: duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa ba ya komawa inda na farko ya kai. Idan aka raba jimla ɗaya gida biyu aka fitar da kowanne daban, kowane rabi yana farawa daga can sama ya ƙare da faɗuwar rufe magana. Sai jimla ɗaya ta zama biyu, rabin farko kuma ya yi kamar an gama alhali ba a gama ba. Mun yi wannan kuskuren a yankuna 11, saboda mun bi yankan rubutun ƙasan allo na Turanci. Yanzu jimla cikakkiya ake fitarwa, a yanka sautin daga baya a wurin numfashi, a ja rabi na biyu zuwa inda hoto ke so.

Na biyu tambaya. Sau biyar malamar tana tambaya ta amsa da kanta, kamar "Waken ya bushe?" Tambaya irin wannan ba ta gangarowa, kuma karin sama na ƙarshe yana ƙara ɗagawa. Alamar tambaya ba ta cikin haruffan da muryar ta sani, don haka bayani ta yi: waken ya bushe. An sa "shin" a farko da "kuwa" a ƙarshe. Rausayar ba ta zama ta mutum ba, amma babu mai ɗaukar ta a matsayin tabbaci.

Litinin, 22 ga Satumba

Yankuna 7 sun ƙi gyaruwa ta sauya kalma, ko don babu wata kalmar, ko don tana rubuce a allo. A kansu aka gwada gyaran hannu da manhajar nazarin sauti ta Praat: a buɗe sautin, a yi `To Manipulation`, a rage ɗigogin layin kari, a ja na gaɓar da ake so sama ko ƙasa, a sake haɗawa. A muryar namijin karin sama a farkon jimla yana wajen 140 Hz, na ƙasa wajen 110, tazarar kuma tana raguwa yayin da jimla ke tafiya. Saboda haka ba lamba ɗaya ake nema ba, maƙwabtan gaɓar ake dubawa.

Yana aiki idan gaɓa ɗaya ce mai dogon wasali. "Buhun" a ƙarshen jimla, da ma'anar wanda aka riga aka ambata, yana son karin faɗau a gaɓar ƙarshe, ba kamar na "buhun wake" da ke tsayawa a sama ba, kuma wannan ya gyaru cikin minti biyar. Inda ya ƙi shi ne kusa da ƙ da ts, domin a nan maƙogwaro rufewa yake, layin kari yana yankewa, duk abin da aka ja sai ya fito da ƙarar ƙarfe. Huɗu sun gyaru. Uku sun rage.

An kuma gwada dabarar jimlar aro: a sa kalmar a jimlar da muryar ke faɗarta daidai, a yanko ta, a dasa. "Ƙwari suna cin hatsi" yana ba da karin ƙwaro kullum, saboda "suna" da ke biye. Amma kalmar da aka yanko daga farkon jimla tana da tsayin farkon jimla, idan aka dasa ta a ƙarshe sai ta yi tsalle. Dole jimlar aron ta ajiye kalmar a daidai wurin da za ta zauna.

Batun r an bar shi. Muryoyin biyu suna gauraya ra-gare da ra-kaɗe, "riba" da "arba'in" su fito da r irin ta "ruwa". Kunne yana jin baƙunta, amma a wannan rubutun babu inda ma'ana ta rataya a kai.

Alhamis, 25 ga Satumba

Gwajin sauraro. Mu da muka rubuta fassarar ba mu da amfani a nan, domin wanda ya san jimla kunnensa gyara ta yake yi kafin ta iso. Haka duk wanda aka ba takarda yana bi da ido. An samo mutum shida da ba su taɓa ganin rubutun ba, huɗu masu Hausar Kano, biyu 'yan Maraɗi. Ba hoto, ba takarda, kuma ta lasifikar ƙaramar waya, tunda a nan bidiyon zai ƙare. Bayan kowane yanki tambaya ɗaya ce: me aka ce ka yi?

An kasa abin da suka faɗa gida uku: wanda ya sauya ma'ana, wanda ya sa dariya ko ya ɗauke hankali, da wanda baƙon lafazi ne kawai. Na farko dole a gyara, na biyu a gyara idan da hali, na uku a bari.

A gida na farko an samu biyu da ba mu lura da su ba. "Kada ku bari ɓera ya huda" ya fito wa mutum uku kamar "huɗa" ta gona. A abin sauraro na kunne d ɗin lafiya take, a wayar ce kiɗan da ke ƙarƙashi ya rufe ta. An rage kiɗan sosai duk inda ake magana, an kuma sauya zuwa "ya yi wa ledar ƙofa". Na biyun "ledar ciki ta biyu", inda muryar ta ja "ta" ta ɗaga, har mutum biyu suka tsaya jiran aikatau. Ya koma "leda ta biyu da ke ciki", wanda ta faɗa daidai.

'Yan Maraɗin ba su sami matsala da kari ba. Abin da suka tsaya a kai ma'auni ne: "kwano arba'in" a buhun kilo ɗari, su da tiya suke awo. Sun kuma ce da an bar farashin buhu a ciki da ya zama wani aikin, tunda can kuɗi da dala da jika ake lissafinsa. Dama an cire farashin. An ƙara "ko tiya" a yanki na 30, gurbin ya ɗauka.

Litinin, 29 ga Satumba

An haɗa sautin. Muryoyin suna fitowa a 16 kHz, bidiyon kuma 48 kHz yake so, kuma ta macen ta fi ta namijin ƙara. An daidaita su bayan an jera yankuna, ba ɗaya-ɗaya ba, don kada gajerun yankuna su yi ta hawa da sauka:

```
ffmpeg -i murya.wav -af loudnorm=I=-16:TP=-1.5:LRA=11 -ar 48000 murya48.wav
```

Wani abu da ya fito bayan haɗawa: an yanke wutsiyar wasu yankuna da wuri. Kalmar da ta ƙare da dogon wasali, irin "igiya" ko "leda", idan aka datse ta kaf sai ta yi kama da mai gajeren wasali, wanda a Hausa yake ƙarewa da ɗan rufewar maƙogwaro kafin shiru. An mayar wa kowane yanki milisakan 120 a ƙarshe, da ɗan dusashewa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Inda aka tsaya: cikin 94, yankuna 91 sun wuce gwajin sauraro na biyu da sababbin mutum huɗu. Daga cikinsu 58 sai da aka taɓa rubutunsu, 4 aka yi musu gyaran hannu, sauran sun fito daidai ko a karon farko ko bayan 'yan fitarwa.

Ukun da suka rage duka na malamar ne, kuma fuskarta na kusa da kyamara. Na 63 shi ne gargaɗin kada a ci ko a sayar da waken da aka sa wa maganin feshin gona. Kalmomin daidai suke fita, kari daidai, amma muryar tana faɗarsa da sanyin da take faɗar "ku kawo igiya", kuma mutum uku cikin huɗu ba su ambace shi ba da aka ce su maimaita abin da suka riƙe. Wannan ba a gyara shi da jan layi a Praat. An yanke shawarar a ɗauki muryar mace ta gaske. Sai dai ba za a dasa yanki uku na mutum a tsakiyar muryar na'ura ba, domin sauyin zai fi kuskuren jan hankali. Za a ɗauki duk maganar malamar, yankuna 29, wajen minti uku da rabi, a bar muryar na'ura ga mai bayani kawai. Rubutun da za a ba ta shi ne wanda aka riga aka gyara, mai "ku", da tsawon sakan na kowane yanki a gefe. An sa ɗaukar ranar Litinin, 6 ga Oktoba, da safe kafin a tada janareta a layin.